Na cire tag amma hoton yana nan, kuma Gwaggo ce ta ɗora

Hauwa'u T/Wada: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, a yi min haƙuri zan ɗan ja zance. Makon jiya aka yi bikin 'yar ƙanin babanmu a Kwarbai. Ranar kamu na shiga fili na ɗan taka, ashe ɗankwalina ya zame ban ankara ba, mai hoto ya kama ni ina tsakiyar juyi, baki buɗe, kai ba ɗankwali, ga shi ko kitso ban yi ba. Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta kawo ankon bikin domin sana'arta ke nan, sai ta kwashi hotuna 34 ta zuba a Facebook, nawa ɗin nan yana ciki, ta yi min tag, a sama kuma an rubuta "ɗiyata Hauwa'u an cashe". Ranar Asabar da na gani na yi maza na cire tag ɗin, na ce shi ke nan. Jiya Litinin sai ga ƙanwar wanda zai aure ni ta turo min hoton a WhatsApp da alamar dariya har uku. An sa rana bayan Babbar Sallah, kuma gidansu masu ra'ayin riƙau ne a kan irin wannan. To tambayata biyu ce. Ya aka yi ta gani bayan na cire? Sannan ta yaya zan ce wa Gwaggo ta sauke ba tare da ta ce na raina ta ba? Wanda ya san Gwaggona ya san ba a yi mata gyara.

Nura Hanwa: Ki yi bulokin ɗinta kawai ki huta.

Sani Mai Waya PZ: Wa alaikumus salam. Nura, in ta yi haka ita kaɗai za ta daina ganin hoton, duk sauran jama'a suna gani. Kamar mutum ne ya rufe idonsa a kasuwa ya ce ya ɓuya. Ta ƙara rasa damar sanin abin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa, ga rigimar gida a kai.

Hauwa'u, tambayarki ta farko ina samun irinta a shago kusan kullum. Tag ba komai ba ne illa zare da aka ɗaura tsakanin hoton da sunanki. Da kika danna Remove tag, zaren kika tsinke: hoton ya fita daga shafinki, in an danna shi ba zai kai mutum wurinki ba. Amma hoton kansa yana ɗakin Gwaggo, ita ta ɗora, ita kaɗai ke da madannin gogewa. Rubutun da aka yi a sama ma yana nan da sunanki, don wannan da hannu aka rubuta shi, ita ce za ta iya gyarawa.

Ki yi min abu ɗaya. Ki buɗe fostin ɗin, ki duba ƙarƙashin sunan Gwaggo, gefen da aka rubuta rana ko awa. Akwai wata 'yar ƙaramar alama. Duniya ce ko kawunan mutum biyu?

Hauwa'u T/Wada: Duniya ce, Yaya Sani.

Sani Mai Waya PZ: To ga amsarki nan. Duniya tana nufin Public, kowa na iya gani, ko ba abokin Gwaggo ba ne, ko ba naki ba. Kuma haka masu sana'a suke barin nasu, tunda so suke kaya ya zaga. A irin wannan, cire tag yana rage hanyar da hoton zai bi ya je gaban ƙawayenki ne kawai, ba ya rufe shi.

Da kawunan mutum biyu ne, wato Friends, da cirewar ta fi yi miki aiki. Dalili shi ne, in aka yi wa mutum tag a fostin na Friends, yawanci Facebook yana ƙara abokan wanda aka yi wa tag cikin masu gani. Kin ga a nan sunanki ne ya buɗe wa mutanenki ƙofa, kina cire shi ƙofar ta rufu. Amma ko a hakan akwai tarko: in an yi wa wasu tag tare da ke, abokansu suna ci gaba da gani. Mutum nawa aka yi wa tag a wannan?

Hauwa'u T/Wada: Yanzu na ƙirga, mu goma sha ɗaya ne, da na fita saura goma. Kuma cikinsu akwai amaryar, ita da ƙanwar tasa tare suka yi makaranta. Innalillahi, ashe ta nan ne.

Sani Mai Waya PZ: Ta nan ɗin ne, ko kuma ta gani tun kafin ki cire ta ajiye. Daga ranar da aka ɗora zuwa Asabar ai an sami kwanaki.

Alhaji Garba Sabon Gari: Ni ma abin nan yana damuna ƙwarai. Kullum sai na tashi na tarar an haɗa sunana da mutum casa'in a tallan maganin basir ko na wata harkar zuba kuɗi, ban san masu yi ba. Yarana suka ce an yi min kutse ne. Shin sai na rufe asusun na buɗe wani?

Sani Mai Waya PZ: Alhaji, barka da war haka. Naka daban ne da nata, kuma ya fi sauƙi. Ba kutse aka yi maka ba, wani cikin abokanka ne yake yi, ko kuma shi aka yi wa kutsen. Ka shiga Settings, ka nemi Profile and tagging, a ciki akwai layin da ya fara da Review posts you're tagged in, ka kunna shi. Daga nan duk wanda ya sa sunanka, abin ba zai hau shafinka ba sai ka amince. Wanda ya fi damunka kuma ka cire shi daga abokanka. In ka biyo ta PZ ka tsaya in yi maka, minti biyu ne.

Hauwa'u, ke ma ki kunna wannan, amma kada ki ɗauka katanga ce. Shafinki kaɗai yake tsarewa. Hoton zai hau shafin mai shi, da sunanki a jiki, ko kin amince ko ba ki amince ba. A wannan wurin dai akwai wani layi da yake tambaya su wa za a ƙara cikin masu gani idan an yi miki tag. Ki mayar da shi Only me. Wannan ne yake hana sunanki jawo mutanenki zuwa hoton wani, kuma mutane ƙalilan ne suka san da shi.

Alhaji Garba Sabon Gari: Madalla, Allah ya yi albarka. Zan biyo bayan la'asar.

Zee Gyallesu: Wai tsaya, ni fa abin da nake danna wa Hide from profile ne. Ba ɗaya ba ne da cire tag?

Sani Mai Waya PZ: Ba ɗaya ba ne, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. Hide from profile yana ɗauke fostin ɗin daga bangon shafinki ne kawai, sunanki yana nan manne a hoton, wanda ya ci karo da shi a wani wuri zai ga sunan ya danna ya zo wurinki. Remove tag shi yake cire sunan. In kina son ki gane wanne kika yi, ki buɗe hoton a shafin mai shi, in har sunanki yana nan cikin waɗanda aka ce suna tare da shi, ɓoyewa kika yi ba cirewa ba. In suna da yawa, ki shiga Activity log, ki nemi ɓangaren abubuwan da aka yi miki tag, za ki iya zaɓar da dama ki cire a tashi ɗaya. Wurin madannan yana ɗan bambanta tsakanin Facebook Lite da babban, kuma suna yawan sauya musu wuri, amma sunayen ba sa nisa da haka.

Zee Gyallesu: Shekara nawa ina yaudarar kaina. Bari in je in yi shara.

Hauwa'u T/Wada: Yaya Sani, Gwaggo za ta san na cire? Abin da ya hana ni barci ke nan.

Sani Mai Waya PZ: Facebook ba ya aika mata sanarwa. Sai dai in ta buɗe ta ƙirga sunaye da kanta.

Abba Kongo: Ni ina ganin ana ta zagaye-zagaye. Hoton mutum haƙƙinsa ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Ba wanda ya isa ya ɗora hotonki ba da izininki ba. Ki yi rifot a Facebook, mu ma mu taya ki, in mutum ashirin suka yi dole su sauke.

Sani Mai Waya PZ: Abba, yawan masu rifot ba shi ke sa a sauke abu ba. Suna duba ko ya karya ƙa'idarsu ne: tsiraici, cin zarafi, barazana, sojan gona da makamantansu. Mace tana rawa a biki ɗankwali ya zame, a wurinsu hoton biki ne kawai, za su amsa cewa bai saɓa wa komai ba. Abin da yake kunya a Tudun Wada ba ya cikin littafinsu. Da a ce hoton tsiraici ne wani yake barazana da shi, ko yaro ne ƙasa da shekara 13 iyayensa suka nemi a cire, wannan akwai hanyarsa ta musamman, kuma a nan rifot yake aiki.

Rabi'u Wusasa: Kuma ita dokar 2023 ɗin da ka ambata, Abba, ta ware abin da mutum ya yi don harkar kansa ko ta gidansa kawai. Hoton bikin dangi ai nan ya fi kusa.

Abba Kongo: Amma ba don gida ta ɗora ba, tallan anko take yi. Da zarar kasuwanci ya shigo, magana ta canza.

Rabi'u Wusasa: Wannan kuma abin ja ne, ban ƙi ba.

Maman Khalifa Samaru: Ku yi ta ja. Yarinya tana shirin aure, gwaggonta ce za ta kai ta ɗaki, ita za ta tsaya a kan kayan gara, ku kuma kuna karanto mata sashe. Ko da dokar tana bayanta ɗari bisa ɗari, wa zai kai ƙanwar ubansa ƙara a kan hoto?

Hauwa'u, zo nan ki ji. Na aurar da ƙanne uku, na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Da farko ki cire wa ranki cewa Gwaggo ta yi don ta tozarta ki. Matar da ta rubuta "ɗiyata an cashe" alfahari take yi. A idonta hoton nan yarinyarta ce tana farin ciki cikin atamfar da ta zaɓo. In kika je mata da fuskar wadda aka yi wa laifi, abin da za ta ji shi ne kin ce ba ta san ya kamata ba, daga nan kuma ba maganar hoto ake ba, maganar girma ake. Kin san babba in ya ji an taɓa girmansa, ko yana son ya sauke ba zai sauke ba.

Kada ki rubuta komai a ƙarƙashin fostin ɗin. Ko "Gwaggo don Allah" kada ki sa. Duk wanda bai lura da hoton ba zai koma ya neme shi, ita kuma kin gyara mata a gaban kwastomominta. Kada kuma ki tura mata saƙon rubutu, rubutu ba shi da murya, yadda ta ga dama za ta karanta shi. Tudun Wada zuwa cikin gari nawa ne a Keke? Ki shirya ki je gaishe ta da yamma, ki riƙe ɗan wani abu a hannu ko da lemo ne. Ki bari a gaisa, a yi hirar biki, ki yaba ankon, don na tabbata ya yi kyau. Sai kin ga ku biyu ne, sannan ki sauke murya ki ce: "Gwaggo, akwai wata alfarma da nake nema. Cikin hotunan nan akwai guda ɗaya da ɗankwalina ya zame, mutanen gidan su wane sun gani, ni kuma nauyi nake ji. Ko za a taimaka a cire min shi kaɗai, sauran duk a bar su." Shi ke nan, kada ki ƙara. Ba ki ce ta yi kuskure ba, kin ce ke ce kike jin nauyi. Kin nemi abu ɗaya ƙarami, ba ki ce ta rushe tallanta ba. Kuma kin sa ta a matsayin mai rufa miki asiri, wanda dama shi ne matsayinta.

In kina da wani hoton naki mai kyau cikin ankon, ki tafi da shi a waya ki ce ga wannan a sa a madadinsa. Mai sana'a ba ta son a rage mata kaya a kanta, amma musanya ba ta ƙi.

Hauwa'u T/Wada: Anti, wallahi har na ji sanyi. Amma in ta ce ai sai ta goge duka 34 ɗin? Mutum sama da ɗari sun yi magana a ƙasa, wasu har suna tambayar kuɗin atamfar. Ba za ta yarda ta rasa wannan ba.

Sani Mai Waya PZ: Ba sai ta goge duka ba, kuma ki tafi da wannan a shirye don kada ya zama hujja. A wayarta za a buɗe fostin ɗin, a danna hoton naki shi kaɗai har ya cika fuskar waya, a danna ɗigo ukun da ke sama, a zaɓi Delete photo. Shi kaɗai zai tafi, da maganganun da aka yi a ƙarƙashinsa shi kansa. Sauran 33 da maganganun babban fostin ɗin suna nan. A kula kada a danna ɗigo ukun babban fostin a zaɓi Move to trash, wannan ne yake kwashe duka. Ko an yi kuskuren hakan ma ana iya dawo da shi cikin kwana 30, amma kin san ihun da za a sha kafin nan. Rubutun sama kuma Edit post ne, a cire sunanki a bar sauran.

Ki san lambar hoton kafin ki je. Kada ki tsaya a gabanta kina ta lalube cikin hotuna 34, tana kallon kowanne tana cewa wannan ai ya yi kyau.

Hauwa'u T/Wada: Na 19 ne. Na haddace shi kamar karatun allo.

Ummi Palladan: Ni da ni ce, cewa zan yi wanda zai aure ni ne ya gani ya yi fushi ya ce a sauke. Manya suna jin maganar miji fiye da ta yarinya. Da wannan na yi amfani a kan matar yayana, cikin minti biyar ta goge.

Maman Khalifa Samaru: Ummi, ke da aurenki kika yi, kuma mijinki ya san kin faɗa. Wannan ko ɗaki ba ta shiga ba. In ta ce haka, Gwaggo za ta riƙe cewa yaron nan tun bai aura ba ya fara kafa wa danginmu doka, kuma za ta faɗa wa Baban Hauwa'u, da ƙari. An cire hoto an dasa wa yaro baƙin jini a kan maganar da bai yi ba.

Ummi Palladan: To ai gaskiyar ita ce don su ake yi. Ko ba a ce shi ya ce ba, kin ce ta ambaci gidansu.

Maman Khalifa Samaru: Cewa "sun gani ina jin nauyi" daban, cewa "ya ce a sauke" daban. Na farko kunyarta ce, na biyu umarninsa ne.

Ummi Palladan: Hmm. Ni dai na ga ya yi min aiki.

Malam Isiyaku Tudun Jukun: Da an kiyaye shiga fili tun farko da duk wannan bai taso ba. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Zee Gyallesu: Amin Malam, amma kamu ne, taron mata ne, a cikin gida. Ba ita ta fito da shi waje ba.

Ni bari in kawo tawa, don ta ƙawa ce ba ta babba ba, kuma na ɓata ta da kaina. Ranar zagayowar haihuwata wata ƙawata tun ta sakandare ta ɗora tsohon hotonmu a sitatus na WhatsApp, ina cin rake a bakin hostel, fuska duk a kumbure da barci. Raina ya ɓaci na rubuta mata "cire wannan abin yanzu". Ta ce daga wasa? Na ce ban son irin wannan wasan. Maimakon ta cire sai ta ƙara wani, ta kuma tura shi gurup ɗin 'yan ajinmu wai a zo a ga mai fushi. Da na yi shiru da awa 24 ta cika ya ɓace da kansa, mutum talatin ne ma za su gani. Yanzu wata huɗu ba ma magana sosai.

Maman Khalifa Samaru: Zee, ba ki yi laifi da kika ji haushi ba, ita ma da ta tura gurup ta wuce gona da iri. Amma kin ba ta umarni a ranar da take ganin karrama ki take yi. Ƙawa ana fara mata da dariya ne: "Ke Allah ya shirye ki, ina kika tono wannan? Na gode da addu'a, amma don Allah sauke min shi, akwai mutanen wurin aikina a wayarki, ga wani ki sa." In ta ƙi bayan wannan, sai ki kira ta ki faɗa mata da gaske cewa abin yana damunki. Wadda ta ji haka ta ci gaba, to kin san inda za ki ajiye ta, kuma ki daina tsayawa hoto a wayarta.

Sani Mai Waya PZ: A ƙara da wannan game da WhatsApp, tunda can babu tag ɗin da za a cire a hoto. In a gurup aka tura, wanda ya tura yana da kamar kwana biyu ya yi Delete for everyone, admin ma yana iya goge saƙon kowa a cikin wannan lokacin. To in mai turawar ya ƙi, a bi admin ta gefe tun da wuri. Sai dai wanda ya riga ya tura wa wani ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, nasa yana nan. Na sitatus kuma gaskiyar Zee ce, wani lokaci haƙurin kwana ɗaya ya fi magana arha.

Nura Hanwa: Duk wannan lallashi a kan hotonka na kanka. Ni har yanzu ban ga dalilin da zan roƙi mutum ya cire abin da bai tambaye ni ba kafin ya sa.

Rabi'u Wusasa: Don madannin yana hannunsa ne, Nura. Kana da gaskiya, shi yana da waya.

Nura Hanwa: To a fara koya wa mutane tambaya kafin su ɗora. Ba kullum mu ne masu zuwa da lemo ba.

Maman Khalifa Samaru: Wannan kam ban musa maka ba. Ka fara da gwaggonka ka ba mu labari.

Hauwa'u T/Wada: Anti, wata tambaya. Ko in bi ta wurin Mama ta yi mata magana? Ina tsoron in je bakina ya mutu.

Maman Khalifa Samaru: A'a. Tsakanin matar wa da ƙanwar miji kada ki jefa wannan, sai ya zama "uwarta ce ta turo". In dole sai da ɗan rakiya, ki nemi wadda Gwaggo take wasa da ita, ko cikin 'ya'yanta. Af, tsaya ma. Gwaggon taki da kanta take ɗora hotuna 34 har da yi wa mutum goma sha ɗaya tag? A shekarunta?

Hauwa'u T/Wada: Kin san kuwa ban taɓa tunanin wannan ba. Autarta ce take riƙe mata wayar in za a sa kaya. Kuma abokiyar wasana ce, kullum sai ta tsokane ni.

Maman Khalifa Samaru: To ga mai "an cashe" nan. Amma duk da haka ki je wurin Gwaggo, shafinta ne. In kika sa yarinyar ta cire a ɓoye, ranar da ta gane za ta ce an haɗa baki an shiga mata waya.

Hauwa'u T/Wada: Jama'a na dawo. Na je jiya bayan la'asar da kankana. Na yi yadda Anti ta ce, sai dai muryata ta ɗan yi rawa. Gwaggo ta ce a nuna mata, na buɗe na 19, ta kalla ta kalla ta ce "yo wannan ne abin kunyar? Mu a zamaninmu har zani ke kwancewa a fili." Na yi shiru. Can ta ƙwala wa autar kira ta ce ke kika sa wannan ko, cire mata, kar surukai su ce ba mu da tarbiyya. Ashe ita ko duba su duka ba ta yi ba. Na nuna inda Delete photo yake, aka cire, aka sa wanda na kawo, har ta ce wannan ya fi fito da zanen atamfar. Rubutun sama ne ta ce a bar mata "ɗiyata Hauwa'u", an cire "an cashe" kawai. Ban ja ba.

Sani Mai Waya PZ: Alhamdu lillahi. Ki sa wata ƙawarki ta buɗe fostin ɗin daga wayarta ta ƙirga, ta tabbatar ba ya nan, don wani lokaci wayarki tana nuna tsohon abin da ta ajiye. Sannan ki duba ko mai hoton bikin yana da shafi a Instagram, su ma suna zuba aikinsu don talla. In kin gan shi can da sunanki, ki taɓa hoton, ki taɓa sunan, za ki ga Remove me from post. Saukewa kuma sai an yi masa magana, gara amarya ko wanda ya biya shi ya yi, ya fi jin tasu.

Hauwa'u T/Wada: Na duba, ya sa na bikin amma nawa ba ya ciki. Saura biyu dai: autar Gwaggo ta ce yana wayarta, wai ta ajiye min shi sai ranar kamuna, ita kuma ƙanwar tasa ban san ko ta nuna a gida ba.

Ummi Palladan: Ita ƙanwar kada ki ce mata komai. Kina cewa ta goge kin nuna mata yana da daraja.

Zee Gyallesu: Ni kuma ina ganin gara ta gaya wa angon da bakinta, cikin raha, kafin wani ya kai masa da ƙarin gishiri.

Maman Khalifa Samaru: A nan na fi karkata ga Zee, amma ya danganta da halin yaron, Hauwa'u ce ta san shi. Ita kuwa autar, ki saya mata kati ki sa ta goge a gabanki, ki duba har cikin kwandon shara na wayar, abokan wasa ba a yarda da rantsuwarsu.

Hauwa'u T/Wada: Ta ce katin dubu biyu ko ba magana. Muna kan ciniki.